Rigar ruwata ta daina aiki bayan wanki ɗaya

Malam Auwalu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan yadi ya warware mini wani abu. Bara, gab da faɗuwar damina, na sayi rigar ruwa ta gwanjo a Ƙofar Wambai, riga da wando, naira 14,000. A Samaru nake zaune, a Giwa nake koyarwa, kullum ina kan babur a wannan hanya. Damina guda cur rigar nan ba ta ba ni kunya ba, ruwa sai dai ya dunƙule a kanta ya gangara. Bana da na ciro ta sai na ga wuyan ya yi baƙi ƙirin, tana kuma ɗan wari, sai na haɗa ta da kayan da nake kai wa mai wankin unguwarmu. Ta dawo fes, har da karin guga. Jiya ruwa ya tare ni a Shika, kafin in isa gida kafaɗuna da ƙirjina sun jiƙe, wandon kuwa ba a magana, kamar na zauna a kwarya. Shin wanki ɗaya tak zai iya kashe riga haka? Ko dama can yaudara ce? Kuma na duba tallan sababbi a waya, wasu an rubuta `waterproof`, wasu `water resistant`, kuɗinsu ya sha bamban. Mene ne bambancin?

Nazifi:
Wa alaikumus salam Malam. Ai abin a fili yake, sitaci ne ya fita. Ko sabuwar shadda ka zuba mata ruwa sai ya tsaya a kai yana sheƙi, da an wanke shi ke nan. Ka ce a sa mata sitaci mai kauri a buga, za ta dawo.

Sale Tela:
Nazifi, a kai rigar ruwa wajen masu bugu? Ka tashi kashe ta gaba ɗaya ke nan. Malam Auwalu, ni shekarata goma sha ina ɗinka labulen tamfol na adaidaita sahu a nan Kano. Magana ɗaya ce: abin da ba roba ba ne ba ya hana ruwa. Duk waɗannan marasa nauyin na gayu ne, magani aka fesa musu, sabulu na taɓa su sun tashi aiki. Ka sayi ta roba mai kauri ka huta. Kuma rigar ruwa ba a wanke ta, ko kusa.

Baba Injiniya:
Salamu alaikum. Na yi shekaru a sashen gama yadi a wata masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta, don haka bari in sa baki. Sale, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma ita ce ke sa mutane zubar da riga mai sauran kwana.

Auwalu, rigarka abu biyu ke tare ruwa a jikinta, ba ɗaya ba, kuma kowanne da irin mutuwarsa.

Na farko yana waje. Wani magani ne da ake jiƙa yadin da shi a masaƙa, a gasa shi da zafi har ya kama kowane zare. Ba ya toshe ƙofofin saƙa, iska na wucewa abinta. Aikinsa kawai ya sa ruwa ya ƙi shimfiɗuwa a jikin zaren, ya dunƙule ya mirgina. Turawa na taƙaita sunansa DWR. Yadin da wannan kaɗai gare shi, tare da saƙa mai matsi, shi ne na biyun da ka gani a talla, mai jure ruwa. Zai kai ka gida a yayyafi. Amma ruwan Agusta in ya daɗe yana dukansa, ko ka jingina da abu mai jiƙa, ruwan zai kutsa ta tsakanin zare, domin ƙofa a buɗe take, mai gadi kawai aka ajiye.

Na biyu yana ciki. Juya rigar ka duba bayan yadin, za ka ga an shafe shi da wani abu mai kama da roba, ko an manna masa tantani siriri. Wannan shi ne katanga, shi ke sa a ce riga mai hana ruwa ce. Ita riga mai kyau tana da duka biyun. Kafin mu ɗora wa mai wanki laifi, sai mu gano wanne ya mutu.

Talatu Jos:
Baba, wannan na wajen ai shi ne abin ganyen gwaza. Muna yara in ruwa ya kama mu a gona, shi muke kifawa a ka. Ɗigon ruwa sai ya riƙa yawo a kai kamar dutsen ado, ka girgiza ganye ya bushe ƙarau.

Baba Injiniya:
Kin harbo shi, 'yata. Ganyen gwaza yana da kaki da wasu ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, ruwa ba ya samun wurin kwanciya. Gobe ki samu ganyen, ki ɗiga masa ruwan sabulu maimakon ruwa zalla, ki ga yadda zai baje ya lafe. Ganyen bai lalace ba, ruwan ne ya canza hali. Shi ruwa yana da ɗabi'ar riƙe kansa ya dunƙule, aikin sabulu kuma shi ne ya karya wannan riƙon domin ruwa ya ratsa yadi ya fito da datti. To garin sabulu in ba a ɗauraye shi sarai ba, saura na maƙalewa a zare. Ruwan sama na sauka ya tarar da shi, ya zama ruwan sabulu a nan take, ya shige yadin. Maganin yana nan a ƙasa, an dai lulluɓe shi.

Ibro Mai Wanki:
Na ga alamar yau a kanmu za a sauke. Malam Auwalu, tsakaninka da Allah, ka gaya masa rigar ruwa ce kada ya sa buroshi? Mutum ya kawo kaya wuya ya yi baƙi, in ka mayar masa da datti ya ce ba ka iya wanki ba. Mu yadda muka gada, a jiƙa a garin sabulu ya kwana, a sa buroshi a wuya da bakin hannu, a murɗe, a shanya, a goge. In fari ne a ɗan taɓa masa bilic.

Malam Auwalu:
Gaskiya ban ce masa komai ba, Ibro. Na je na tambaye shi ɗazu, kusan abin da ka lissafa shi ya yi. Ya jiƙa ta ta kwana, ya sa buroshi, ya murɗe. Ya ce bilic ne kawai bai sa ba saboda shuɗiya ce. Gugar kuma da dutsen gawayi.

Baba Injiniya:
Ibro, ba laifinka ba ne, wankin da ka lissafa daidai yake ga shadda da yadin auduga. Ga rigar ruwa ne kowane mataki yake da nasa ɓarnar. Kwanan jiƙo yana ba ruwa lokaci ya shiga ƙarƙashin tef ɗin da aka manna a kan ɗinki ya sassauta gam. Buroshi yana kankare maganin waje, kuma wannan ba lulluɓewa ba ce, ya tafi ke nan. Murɗewa tana karya shafin ciki a kan layin da ya naɗe. Dutsen gawayi kuma ba a san iyakar zafinsa ba, yana iya ƙona shafin ko ya tayar da tef.

Auwalu, yi mini gwaji uku kafin magariba. Shimfiɗa rigar a bushe ka yayyafa mata ruwa da hannu a kafaɗa, a ƙirji, da can ƙasan baya, ka faɗa mini inda ya dunƙule da inda yadin ya yi duhu. Sannan ka juya ta ka bi duk ɗinkin da yatsa, ka murza shafin a wuya da kafaɗa. Na uku, ka ɗora bayan rigar a bakin bokiti fuskar waje a sama, ka lotsa tsakiya ta yi kamar kwano, ka zuba kofi biyu na ruwa ka bar shi rabin sa'a. Ka maimaita a inda ɗinkin kafaɗa ya ratsa.

Maman Hanifa:
Tunda ana maganar, Baba don Allah ni ma a taimaka mini. Makintosh ɗin da nake shimfiɗa wa yarinyata a katifa saboda fitsari, wata huɗu kawai ya yi ya bushe ƙamas, ya tsattsage a inda nake ninkewa. Kullum da safe ina wanke shi da ruwan zafi da bilic saboda zarni, in baza shi a kan katanga har la'asar. Na biyu ke nan. Ko jabu ake kawo mana ne?

Sale Tela:
Maman Hanifa, wannan fannina ne. Rana ce ta cinye shi. Labulen adaidaita ma haka yake, gefen da ke shan rana shi ke fara ƙagewa, da hunturu ya zo sai ka ji yana ƙara kamar ƙirgi, ka naɗe shi ya tsage. Wanda fetur ko baƙin mai ya zuba a kansa kuma ya fi saurin mutuwa.

Baba Injiniya:
Sale ya faɗi daidai. Yawancin na kasuwa yanzu PVC ne, irin robar bututun ruwa, sai dai an cuɗa ta da wani mai da ke sa ta laushi. Zafi da rana da fetur suna fitar da man nan a hankali, in ya fita sai robar ta koma halinta na bututu. Ba ta da magani bayan haka. Ki riƙa wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, ki goge da tsumma, ki shanya a inuwa, ki naɗe shi kamar tabarma maimakon ninki. Sunan ma asalinsa na mutum ne, Charles Macintosh, ɗan Sukotlan, wanda ya yi rajistar dabarar haɗa yadi biyu da roba a tsakaninsu a 1823. Nasa ma da wannan ciwon ya fara, ya ƙage a sanyi, ya yi danƙo a zafi.

Malam Auwalu:
Baba na gama, ga sakamako. Yayyafi: a kafaɗa da ƙirji da hannuwa ruwa shigewa yake nan take, yadin ya yi duhu. A can ƙasan baya da ƙarƙashin murfin aljihu har yanzu yana ɗan dunƙulewa. Da na juya ta, shafin ciki fari-fari ne mai ɗan sheƙi. A baya da ƙirji lafiya lau yake, santsi. Amma a wuya da na murza sai ya riƙa zubowa kamar amosanin kai, wurin ya kai faɗin tafin hannu. Tef ɗin ɗinkin kafaɗar dama ya ɗago kusan tsawon taƙi guda, na hagu yana nan. Gwajin bokiti: bayan riga ko ɗigo babu, na taɓa ƙasan sai sanyi kawai. A ɗinkin kafaɗar dama kuwa ko minti uku ba a yi ba ya fara ɗiga, a jere, daidai ramukan allura.

Abin da ya ɗaure mini kai, na gwada ƙirjin ma bai yi yoyo ba. To me ya jiƙa mini ƙirji jiya?

Baba Injiniya:
Madalla. Yanzu mun san inda muke. Rigarka shafin PU gare ta, wato wata irin roba mai laushi da ake shafawa a bayan yadi, kuma katangar tana tsaye a yawancin jiki. Ɓarnar wuri uku ce.

Ɗinkin kafaɗa, wannan yoyo ne na gaske. Kowace allura rami take hudawa a shafin, shi ya sa ake bin ɗinki da tef a manna da zafi. Tef ya ɗago, ramuka sun buɗe, kuma kafaɗa ita ce rufin ɗaki.

Wuya kuwa, kada ka ɗora wa mai wanki duka. Shi PU damshi da zafi ne ajalinsa, suna ruɓar da shi a hankali har ya fara danƙo, ya yi wani wari mai tsami, daga baya ya riƙa marmashewa. Gumi da man shafawa da turare suna gaggauta abin, shi ya sa wuya ke fara tafiya. Warin da ka ji kafin wanki alama ce ya riga ya fara. Rigar gwanjo ce, ba mu san shekarunta a can ba. Ina kake ajiye ta bayan ruwa ya ɗauke?

Ƙirji kuma ina kyautata zaton mafi yawansa guminka ne. Lokacin da maganin waje ke aiki, yadin a bushe yake, ɗan tururin jikinka na samun hanyar fita. Yanzu yadin ya sha ruwa ya yi nauyi, iskar babur na kaɗa shi ya yi sanyi, tururin jikinka na isa gare shi sai ya koma ruwa a ciki, kamar murfin tukunya. Sai ka rantse yoyo take. Sauran kuma wanda ya shiga ta wuya da kafaɗa ne ya gangaro.

Malam Auwalu:
A jakar leda nake cusa ta, in ɗaure a bayan babur. Wani lokaci sai ruwa na gaba nake kwance ta. Da damina ta wuce ma a ledar ta shekara a saman sif.

Ibro Mai Wanki:
Alhamdu lillahi, an fara wanke mu.

Nazifi:
Ni fa wannan maganar gumin ban yarda da ita ba. Mutum na kan babur cikin ruwa da iska, yana rawar ɗari, ina ya ga gumi?

Talatu Jos:
Nazifi ka sa hannunka a leda ka ɗaure bakin, ka zauna a inuwa minti goma ka gani. Ba sai ka ji zafi jiki ke fitar da damshi ba. Ni ina da ta roba irin wadda Sale ke yabo, a sanyin Jos ma in na taka daga tasha zuwa gida rigata ta ciki sai ta jiƙe a baya.

Sale Tela:
Amma dai ba ruwan sama ba ne ya jiƙa ki, ko? To magana ta dawo kaina. Ta roba ba ta da wannan shirgin na magani da tef, ɗinkinta ma ba zare, da zafi ake narka gefe da gefe su haɗe.

Baba Injiniya:
Ga mai babur da ke zaune ba ya motsi, Sale, ba zan yi maka musu sosai ba, ta roba mai kauri tana da hujja, ga arha. Ga mai tafiya a ƙasa ko mai aikin gona, wanka zai yi da guminsa. Wannan matsalar ce ta sa aka ƙirƙiro masu tantani irin Gore-Tex. Bob Gore ya gano yadda ake miƙe wata roba ta zama tantani mai ƙananan ƙofofi a 1969, ƙofofin sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururi na wucewa. Sai dai shi ma tururin yana fita ne in waje ya fi ciki bushewa da sanyi. A damshin Agusta namu bambancin kaɗan ne, don haka kada wanda ya tsinci irinta a gwanjo ya zaci ba zai yi gumi ba.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa ba a wanke rigar ruwa. Ƙura da hayaƙin mota da maiƙo su ma lulluɓe maganin waje suke, kamar yadda sauran sabulu ke yi, gumin da aka bari kuma shi ya cinye wuyan rigar Auwalu. Na zamanin nan ma sun fi buƙatar wanki, domin ana ta janye tsohon maganin mai sinadarin fulorin saboda ba ya ruɓewa a ƙasa da ruwa, wanda ya maye gurbinsa kuma yana ture ruwa amma ba ya ture maiƙo.

Malam Auwalu:
To wandon fa, Baba? Shi ma na yi masa gwajin bokiti a mazaunai, rabin sa'a bai ɗiga ba. Amma shi ya fi ci mini mutunci jiya.

Baba Injiniya:
A nan gwajin bokiti yake da iyaka. Yadda ake auna yadi a ɗakin gwaji, kamar a ɗaure shi ne a gindin dogon bututu a yi ta ƙara ruwa har ya fara tsattsafowa. Tsayin ruwan a milimita shi ne lambar da kake gani a wasu riguna, 1,500 ko 5,000 ko 10,000. Ruwan da ka zuba a lotsen bai wuce zurfin milimita 50 ba, kusan ba nauyi.

Yi lissafi da ni. Ruwa mai tsayin milimita 10,000, wato mita 10, yana danna kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A ce kilo 60 na nauyinka na kan sirdin babur, wurin da ka zauna kuma santimita 20 ne sau 20, murabba'i 400 ke nan. Raba 60 gida 400, ka samu 0.15, wato daidai da ruwa mai tsayin milimita 1,500. Kana zaune a kan jiƙaƙƙen sirdi, ruwan da ke gangarowa daga ƙirjinka na taruwa a tsakanin cinyoyi, kana danna shi cikin yadin da wannan nauyin tun daga Shika har Samaru, ga gargada tana ƙara masa. Shafin da ya sha gogayya da sirdi damina guda, aka kuma murɗe shi, zai riƙe ruwan bokiti amma ba zai riƙe wannan ba. Durƙuso ya fi haka muni, kilo 35 a kan gwiwa ɗaya mai murabba'i 50 ya kai milimita 7,000.

Ka jiƙa tawul ka shimfiɗa a benci, ka ɗora wandon, ka sa takardar jarida a cikinsa, ka zauna minti biyar. Takardar za ta nuna maka ko ta ɗinkin tsakiya yake shiga ko ta jikin yadin.

Talatu Jos:
Baba an gane ciwo, saura magani. Yaya za a wanke ta a nan da ba mu da injin busarwa?

Baba Injiniya:
Auwalu, yanzu kada ka sa mata sabulu ko kaɗan, wanda ke jikinta muke son fitarwa. Zuge zif, ka tsoma ta a babban baho na ruwan ɗumi wanda hannu ke jurewa, kada ya wuce digiri 30 zuwa 40. Ka riƙa danna ta kana ɗagowa, ba cuɗa. Zubar, sake sabon ruwa, har sai ka kaɗa ruwan ba kumfa ko ɗaya. Kada ka yi mamaki in ya kai sau huɗu ko biyar. Rataye ta a inuwa ta tsane da kanta. In ta bushe, samu dutsen guga na lantarki, sa shi a mafi ƙarancin zafi, inda aka yi ɗigo ɗaya, ba tururi, shimfiɗa tawul siriri a kan fuskar waje ka bi a hankali ba tsayawa. Ɗumin nan yana sake miƙar da abin da ya rage na maganin. Ka kauce wa wuyan da ke marmashewa. Ta roba kuwa, Maman Hanifa da Sale, dutse ba ya kusantar ta.

Nan gaba in ta yi datti, sabulun ruwa kaɗan wanda ba turare ba abin laushi, soso mai taushi a wuya, ɗauraya biyu ko uku. Kuma kada ta sake kwana a leda da damshi.

Maman Hanifa:
Sabulun salo fa? Shi ai ba sinadarin bature a ciki.

Baba Injiniya:
Sabulu na asali yana ɗaurayuwa fiye da na gari, wannan gaskiya ne, amma a ruwa mai laushi kamar na sama. In ruwan rijiyarku irin wanda ba ya kumfa ne, sabulun zai bar wani farin datti a yadi. Salo kuma wani na zuwa da sauran mai a jikinsa, kowane da hannun mai dafa shi. Ni ba zan sa wa tawa ba.

Ibro Mai Wanki:
Ni kuma zan sa, da ruwan sama na tara a duro. Na wanke jakar makaranta irin wannan yadin da shi ban ga ta sha ruwa ba.

Sale Tela:
Kafaɗar kuma, Malam, ka kawo in bi ta da kakin kyandir a narke da ɗan kananzir, haka muke toshe ɗinkin tamfol na yadi tun zamanin ubangidana.

Baba Injiniya:
A kan tamfol na auduga kaki yana aiki, domin auduga na shan sa, dabara ce tsohuwa. A kan nailan ba ya kamawa, zai farfashe a inda ake lanƙwasawa, kananzir kuma ba na son ya taɓa shafin da ya riga ya raunana. Gara a yanke tef ɗin da ya ɗago, a goge wurin ya bushe, a bi layin ɗinkin ta ciki da gam mai taushi wanda ba ya ƙagewa in ya bushe. Ba irin mai kamawa nan take ba, shi ƙagewa yake kamar gilashi.

Sale Tela:
Baba da girmanka, amma na sha yi wa jakunkunan 'yan makaranta na nailan kuma ba wanda ya dawo.

Talatu Jos:
Wataƙila shi ya sa ba su dawo ba, Sale.

Malam Auwalu:
Jama'a barkanmu da war haka, na dawo da rahoto bayan kwana huɗu. Ɗauraya sai da ta kai shida kafin kumfa ya ƙare, ruwan farko kamar an zuba masa sabulu da gangan. Bayan guga, ƙirji da baya da hannuwa sun dawo suna dunƙule ruwa, ba kamar bara ba amma da dama-dama. Kan kafaɗu biyu da bakin hannu, inda buroshi ya ci, har yanzu duhu suke yi. Kafaɗar dama na bi ta da gam ɗin da masu gyaran takalmi ke amfani da shi, ya kwana biyu yana bushewa, na ɗan barbaɗa masa hoda don kada ya kama rigar ciki. A bokiti bai ɗiga ba. Yau da safe ruwa ya raka ni daga Shika zuwa Giwa, ba mai ƙarfi sosai ba, na isa ƙirjina a bushe, bayan wuya kawai ya ɗan jiƙe.

Wandon kuma na yi gwajin jarida. Ba layi ɗaya ta nuna ba, jiƙewa ta yi dabbare-dabbare ko'ina a mazaunai.

Baba Injiniya:
To wandon ya gama aiki, shafin ne ya sirance gaba ɗaya, ba abin da za ka shafa ya dawo da shi. Nan ka bi shawarar Sale ka nemi na roba, tunda ƙafa ba ta gumi kamar ƙirji in kana zaune. Kafaɗun sai an sake fesa musu maganin ture ruwa na gwangwani, in ka samu, a kan riga mai tsabta. Wuyan kuma zai ci gaba da cin gaba, ruɓar PU ba ta tsayawa. Wataƙila ta fitar da kai wannan daminar. Gam ɗin takalmi ban taɓa gwada shi a kan wannan shafin ba, ka duba mana shi bayan sati biyu ko ya fara ɗagowa a gefe.

Sale Tela:
A rubuta, yau Baba ya ce a bi shawarata. Malam turo mini awon ƙugunka da tsawon ƙafa ta akwatin sirri, akwai ragowar tamfol baƙi mara nauyi a shago. Sai dai in gaya maka tun yanzu, ni da zare nake ɗinki, ba ni da injin narkawa, don haka zan kawar da ɗinkin daga tsakiya in mayar da shi gefe.

Nazifi:
Ni dai har yanzu ba wanda ya gwada sitacin.